Darasin Bankwana: Yadda Muka Sallami Limamin Unguwarmu

  Darasin da muka zaɓa mu saka cikin littafin bana bai fito daga allo ba, a masallacin unguwarmu muka koye shi, nan Maraɗi, cikin mako uku na watan Shawwal.

Kowa dai ya san labarin. Limaminmu ya shekara 17 yana jan salla a unguwar nan. Tsakiyar azumi ya shaida wa dattawa cewa wansa da ke riƙe da limancin ƙauyensu, can wajen Tasawa, ya rasu, mahaifiyarsu ta tsufa, kuma mutanen garin sun aiko har sau biyu. Ya ce zai ƙarasa tafsiri tare da mu, ya yi salla, sannan ya tashi kafin ruwa ya sauka don ya samu shuka. Dattawa suka ce a yi masa bankwana a masallaci, kuma tunda yawancinmu shi ya yi mana huɗuba a kunne ranar da aka haife mu, ɗaliban madarasa su rubuta abin da jama'a za ta faɗa masa. Malaminmu na fiƙihu ya ɗora mana aikin. Ga yadda muka yi, da inda muka yi kuskure, da yadda aka gyara mu.

Takardar farko da Malam ya mayar mana

Kwana biyu muka yi muna rubutu, muka cika shafi uku. Mun kira Liman tekun ilimi, fitilar zamani, garkuwar addini, wanda ba a taɓa yin kamarsa ba kuma ba za a yi ba. Wallahi mun ji daɗin kanmu ƙwarai. Muka kai wa Malam bayan sallar azahar, ya karanta har ƙarshe bai ce uffan ba. Da ya gama sai ya ɗaga kai ya ce, “To, wa kuke nufi da wannan?”

Muka ce, “Allah ya gafarta Malam, Liman mana.”

Ya ce, “Ku ɗauki takardar nan ku kai ta Damagaram ko Tawa, ku karanta wa kowane limami. Akwai kalma ɗaya da za ku sake?”

Muka duba, babu. Nan ne darasin ya fara. Malam ya ce jawabin da ya dace da kowa bai dace da kowa ba, domin mutumin da ake sallama zai zauna yana saurare, ya kasa ganin kansa a ciki. Ya ce mu bambanta abu biyu: kirari da godiya. Kirari yana faɗin yadda mutum yake, kuma ba mu da hanyar sanin abin da ke cikin zuciyar wani. Godiya tana faɗin abin da mutum ya yi, wanda muka gani da idonmu.

Sai ya tuna mana hadisin Abu Bakrata da ke cikin Buhari da Muslim. Wani mutum ya yabi ɗan'uwansa a gaban Annabi (SAW), Annabi ya tsawata masa, ya kamanta abin da ya yi da yanke wuyan abokin nasa. Sannan ya koyar cewa in dole ne mutum ya yi yabo, ya faɗi abin a matsayin zatonsa gwargwadon abin da ya sani, ya bar wa Allah hisabi, kada ya yanke hukuncin tsarkin wani a wurin Allah. Malam ya ce kada mu ɗauka wannan ya hana godiya. Akwai hadisin Abu Huraira a wurin Abu Dawuda da Tirmizi da ke nuna cewa gode wa mutane yana cikin gode wa Allah. Abin da aka hana shi ne wuce iyaka.

Ya ba mu ma'auni mai sauƙi da za mu auna kowace jimla da shi. Mu tambayi kanmu: in wani ya tashi cikin sahu ya ce “yaushe?”, muna da amsa? In mun ce Liman mai haƙuri ne, wace rana muka ga haƙurin? In ba mu da rana, ba mu da shaida, to jimlar ta fita. Da muka bi shafi ukun nan da wannan ma'auni, abin da ya rage bai kai layi biyar ba.

Mun fita neman shaidu

Tunda takarda ta koma fara, Malam ya raba mu gida uku. Wasu su je wurin ladan da na'ibi, wasu wurin tsofaffin sahun gaba, ƴan mata kuma su shiga gidaje wurin iyayenmu mata. Tambaya ɗaya tak aka ba mu: “Wane abu Liman ya yi da ba za ku manta ba?” Aka ce mu rubuta amsa yadda aka faɗe ta, kada mu yi mata ado.

Ladan ya ce shi abin da ya sani, sau da yawa cikin sanyin hunturu yakan zo buɗe masallaci da asuba ya tarar Liman ya riga shi, yana zaune bakin ƙofa da bargo. Wani tsoho mai ciwon gwiwa ya ce tun ranar da ya yi wa Liman kuka, Liman ya rage tsawon karatu a sallar isha, bai taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Na'ibi ya lissafo littattafan da aka sauke tsakanin magariba da isha: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, sannan Risala, ban da tafsirin Jalalaini duk azumi. Ya ce akwai magidanta da ba su san inda ake ƙabli da inda ake ba'adi ba sai a wannan zama.

Amsoshin da suka fi nauyi daga cikin gidaje suka fito. Wata gwauruwa ta ce ranar rabon gadon mijinta, dangin miji sun so su haɗa keken ɗinkinta cikin dukiyar mamaci, Liman ya ce a tsaya, a fara ware abin da yake nata kafin a taɓa lissafi. Wata kuma ta ce da wani baƙo ɗan ci-rani ya rasu a ɗakin haya ba dangi, Liman ne ya yi masa wanka da hannunsa, ya bi gida-gida ya haɗa kuɗin likkafani. Mu da muke zaune a unguwar ba mu taɓa jin waɗannan ba. Da a ce mun tsaya kan tekun ilimi da fitilar zamani, da duk sun wuce ba a ambata ba.

Mun tara abubuwa sun fi 20. Malam ya ce mu zaɓi huɗu ko biyar kawai, kowane ya wakilci wani ɓangare na jama'a: ɗaya na tsofaffi, ɗaya na mata, ɗaya na masu karatu, ɗaya na baƙi. Ya kuma hana mu ambaton sunan waɗanda aka taimaka wa. Gwauruwar nan ta gaya mana sirrinta ne don girmama Liman, in muka kira sunanta a lasifika, mun gode wa mutum ɗaya mun kunyata wani.

Abin da ba mu so mu ji ba

Cikin wannan yawo ne muka ci karo da abu biyu da suka kusa ɓata bankwanar baki ɗaya.

Na farko, ma'ajin masallaci ya gaya mana, kansa a ƙasa, cewa jama'a na da bashin Liman. An yi alkawarin ba shi jika 15 duk wata daga abin da ake tarawa ranar Juma'a. Bara da hatsi ya yi tsada, tarin ya ragu, aka yi wata bakwai ba a ba shi ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Jika 15 sau bakwai, jika 105 ke nan. Wasu manya suka ce ai abu mai sauƙi ne, a saka cikin jawabi a ce Liman ya yafe mana duk abin da ke tsakaninmu, shi ke nan.

Da muka kai wa Malam wannan shawara, fuskarsa ta sake. Ya ce, “Ku tsaya ku yi tunani. Mutum na zaune gaban mutum ɗari biyu, an gama yabonsa, sai a ce ya yafe. Zai iya cewa a'a?” Muka ce ba zai iya ba. Ya ce to yafewar da kunya ta tilasta, ba a san ko ta kai zuci ba, kuma mu da muka shirya wurin mun san haka. Ya tuna mana hadisin Abu Huraira cikin Buhari da ke umurtar wanda ke da haƙƙin ɗan'uwansa a kansa, na mutunci ko na wani abu, ya warware shi tun a duniya, kafin ranar da ba a biya da kuɗi sai da ayyukan lada. Ya ce haƙƙin kuɗi ana biyansa ne, in an kasa a je a faɗi adadinsa a keɓe, a bar mai shi ya zaɓa: ya karɓa, ya jinkirta, ko ya bari da son ransa.

Haka aka yi. Dattawa uku suka zagaya gidaje da shaguna cikin kwana takwas, aka haɗa jika 80. Suka je gidan Liman da dare, suka ba shi, suka ce saura jika 25, za a aiko masa bayan girbi. Ya ce ya bar sauran a sayi tabarmi. Wannan yafewa ce ta gaske, domin an faɗa masa adadi, kuma ba idon jama'a a kansa. Malam ya ja hankalinmu a kan wani abu kuma: kyautar bankwana daban, bashi daban. Buhun gero biyu da rigar da ƴan kasuwa suka saya kyauta ce, ba a lissafa ta cikin jika 105 ba. In aka cakuɗa su, an biya mutum da abinsa an ce an yi masa alheri.

Shi ma Liman ya sauke nasa nauyin a daren. Ya miƙa wa na'ibi makullan masallaci, da littafin da yake rubuta ɗaurin aure da shaidu a ciki, da ajiyar wasu marayu biyu, aka ƙirga gaban dattawan aka rubuta.

Abu na biyu ya fi na farko ciwo. Shekara huɗu da suka wuce, lokacin da ake sake rufin masallaci, magana ta yaɗu a unguwa cewa kuɗin kwano sun yi ƙafa a hannun Liman. Daga baya kwamiti ya zauna ya bi takardun saye ɗaya bayan ɗaya, aka ga ko dala ba ta ɓata ba. Amma zargin a majalisu da bakin shaguna aka yi shi, wankewar kuwa a ɗaki aka yi ta, mutum shida kawai suka ji. Har yau akwai waɗanda na farkon kawai suka sani.

A nan mu kanmu muka rabu. Wasunmu suka ce kada a tayar da tsohon miki ranar rabuwa. Wasu suka ce in ba a faɗa ranar ba, yaushe za a faɗa? Malam ya bar mu muka yi ta gardama, sannan ya ce abin da aka ɓata a bainar jama'a, a bainar jama'a ake gyara shi. Amma ya gindaya sharaɗi uku. A fara neman izinin Liman, don shi ne mai mikin. Kada a kira sunan kowa, kada a yi habaici. Kuma a ce “mu”, domin wanda ya faɗa da wanda ya saurara ya yi shiru duk suna da kaso. Na'ibi ya je ya tambayi Liman, ya yi shiru jim kaɗan, ya ce a faɗa, amma a taƙaita.

Tsarin jawabin da lokacinsa

Da aka share waɗannan, rubutun bai ba mu wuya ba. Malam ya jera mana gaɓoɓi biyar: buɗewa da gaisuwa, godiya da shaidu, neman gafara, addu'a, sannan sallama. Ya ce kada a sa neman gafara a farko, zukata ba su yi laushi ba tukuna, kada kuma a bar shi can ƙarshe bayan addu'a, kamar abin da aka tuna a bakin ƙofa.

An zaɓi bayan sallar la'asar ranar Juma'a, saboda mutane sun taso daga kasuwa kuma akwai sarari kafin magariba. Jawabin kada ya wuce minti biyar. Mun gwada da agogo sau uku, duk lokacin da ya wuce sai mu yanke. Mai unguwa ne ya buɗe taro, domin ba ya kyautuwa yaro ya fara magana gaban manya. Shi ya ce ya ba ɗalibai izini su karanta da bakin jama'a. An juya lasifika ɗaya wajen rumfar mata don su ji.

Malam ya gargaɗe mu kan kurakurai uku da yakan gani a irin wannan taro. Ɗaya, a mai da bankwana kamar zaman makoki, a yi ta cewa “ya kasance”, alhali mutumin na zaune da ransa. Biyu, a ce ba za a samu madadinsa ba, alhali na'ibin da zai gaje shi yana gefensa yana ji, kuma gobe da asuba bayansa za a tsaya. Uku, a yi alkawarin da ba za a cika ba, irin su “duk wata za mu zo gaishe ku”. Ya ce ku faɗi ƙarami ku cika. Game da lafazi kuwa, “ku” muka yi amfani da shi, yadda muke yi wa iyayenmu.

Abin da muka karanta

Ga jawabin kamar yadda babban ɗalibin ajinmu ya karanta shi:

“Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna gode wa Allah, muna salati ga Manzonsa. Muna gaida mai unguwa, da malamai, da iyayenmu maza da mata.

“Allah ya gafarta Malam Liman. Mu ƴaƴanku ne, an ba mu aron bakin jama'ar masallacin nan. Ba mu zo da kirari ba, don ku kuka koya mana cewa Allah kaɗai ya san abin da ke cikin zukata. Abin da muka gani za mu faɗa.

“Shekara 17 kuna tsaye gabanmu sau biyar a yini. Ladan ya shaida cewa cikin sanyi yakan tarar da ku a ƙofa kafin ya buɗe. Tsofaffinmu sun shaida cewa kun sassauta salla saboda gwiwoyinsu, ba ku taɓa yi musu gori ba. Iyayenmu maza sun ce tsakanin magariba da isha suka gyara alwalarsu da sallarsu a gabanku, tun daga Ahalari har Risala. Iyayenmu mata sun ce ranar rabon gado kun tsaya sai da aka ba mace abinta. Kuma unguwa ta shaida cewa baƙon da ya rasu cikinmu ba dangi, ku kuka zame masa dangi. Wannan muka sani, muna kyautata muku zato a kan abin da ba mu sani ba, Allah shi ne mai hisabi. Allah ya saka muku da alheri.

“Malam, zo mu zauna, zo mu saɓa. Mun yi muku laifi. Lokacin rufin masallacin nan an faɗi magana a kanku game da kuɗi, wasunmu suka faɗa, wasunmu suka ji suka yi shiru. Kwamiti ya bincika, ko dala ba ta ɓata ba. Ya kamata mu faɗi haka da ƙarfi tun a lokacin, ba mu faɗa ba. Yau muna faɗa gaban kowa: hannunku tsarkakakke ne daga wannan kuɗi. Muna roƙonku gafara a kan wannan, da kan duk wata kalma da ta ɓata muku rai. Mu kuma, in akwai wani abu namu a kanku, mun yafe duniya da lahira.

“Ba mu so ku tafi ba, ba za mu ɓoye ba. Amma mahaifiya ta fi mu haƙƙi a kanku, mutanen garinku kuma suna bukatar abin da muka daɗe muna sha. Mun sallame ku da zuciya ɗaya. Alkawarin da za mu iya shi ne wannan: karatun magariba ba zai mutu ba, gobe za mu zauna gaban Malam Na'ibi daga babin da kuka tsaya, kuma za mu bi shi salla yadda muka bi ku.

“Allah ya kai ku lafiya, ya ba Inna lafiya, ya jiƙan wanku. Allah ya sa albarka a gonarku da zuriyarku, ya haɗa ku da jama'ar da ta fi mu kyautata muku. Addininku, da amanar da ke wuyanku, da ƙarshen ayyukanku, duk mun bar su ajiya a wurin Allah. Ku sa mu cikin addu'a. Wassalamu alaikum.”

Da aka zo wurin maganar rufi, masallaci ya yi tsit, har kukan jariri daga rumfar mata ana ji. Wani dattijo a sahu na biyu ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa. Ba mu san dalilinsa ba, ba mu kuma tambaya ba.

Liman bai yi dogon bayani ba. Ya ce, “Ƴaƴana, na yafe tun tuni, amma yau na ji sanyi.” Ya nemi gafarar duk wanda ya taɓa tsawata wa fiye da kima, ya riƙe hannun na'ibi ya ɗaga, ya ce wanda ya girmama shi ya girmama wannan. Sannan ya yi mana addu'a aka shafa.

Addu'ar sallama da rakiya

Ƙannenmu za su lura cewa jimlar ƙarshe ta addu'armu ba daga kanmu muka ƙago ma'anarta ba. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito yadda Annabi (SAW) yake sallamar matafiyi, hadisin yana wurin Abu Dawuda da Tirmizi, kuma abubuwa ukun nan ne ake damƙa wa Allah a cikinsa: addini, amana, da ƙarshen ayyuka. Malam ya bayyana mana hikimar. Tafiya da sabon wuri sukan sa mutum ya yi sakaci da ibada, shi ya sa aka fara da addini. Matafiyi yana barin iyali da dukiya a baya, yana kuma ɗaukar haƙƙoƙin mutane a gaba, wannan ita ce amana. Ƙarshen aiki kuwa, ba wanda ya san ko za a sake haɗuwa. Duk ɗalibin da bai haddace lafazin Larabcin ba, ya nemi Malam ya biya masa, gajere ne. Akwai kuma amsar da matafiyi ke mayarwa ga waɗanda ya bari, wadda Abu Huraira ya ruwaito, inda shi ma yake barin su ajiya a wurin Allah.

Ranar Lahadi da hantsi muka ɗauki kayansa zuwa tasha: buhunan gero, akwatin littattafai biyu, da tabarmi. Mun so mu tsaya bakin unguwa, Malam ya ce a'a, sai mota ta tashi. A hanya ya ba mu labarin da Imamu Ahmad ya kawo, na ranar da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman. Mu'azu na bisa abin hawansa, Annabi na tafiya a ƙasa gefensa yana yi masa wasiyya, har ya sanar da shi cewa mai yiwuwa ba za su sake haɗuwa ba bayan wannan shekara, Mu'azu ya fashe da kuka. Haka kuwa aka yi, bai dawo Madina ba sai bayan wafatin Annabi. Malam ya ce in shugaban halitta ya taka da ƙafa ya raka almajirinsa, almajirai ba su da uzurin barin malaminsu ya tafi tasha shi kaɗai. Muka tsaya cikin rana har motar Tasawa ta cika. Liman ya leƙo ta taga ya ce wa ƙaraminmu, “Kai, ka gyara maddin nan da nake faɗa maka.” Muka yi dariya, wasu na share ido.

Washegari da magariba mutum 14 suka zauna gaban na'ibi, aka buɗe Risala daga inda aka tsaya.

Aiki ga ƴan ajin da ke biye da mu

1. Ku zaɓi malami ɗaya ko wani babba a gidanku. Ku rubuta abubuwa uku da ya yi muku, kowane da lokacinsa da wurinsa, ba tare da kalmar kirari ko ɗaya ba.
2. Mene ne bambancin yafewar da aka nema gaban taro da wadda aka nema a keɓe bayan an faɗi adadin bashi?
3. Me ya sa aka ambaci maganar rufin masallaci a cikin jawabi, amma ba a ambaci maganar jika 105 ba?
4. Ku haddace addu'ar sallamar matafiyi da amsarta, ku biya wa Malam kafin hutu ya ƙare.

Abin da muka rubuta daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, muna roƙon malamanmu su gyara mana. Allah ya saka wa Liman da alheri, ya taimaki wanda ya gaje shi, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Amin.

Ɗaliban ajin ƙarshe